Muhawara: me ake sokewa kuma me ba a sokewa a firakshan na aljabara?

Sabon malami, Taura:
Assalamu alaikum malamai. Ina neman shawara kan wani aiki da ke kayar da 'yan aji biyu na babbar sakandare. An ce a sauƙaƙa wannan:

(x² + 5x + 6) / (x² + 2x)

Da yawansu sai su ja layi a kan x² na sama da x² na ƙasa, ya rage (5x + 6) / 2x. Wasu ba su tsaya nan ba, sun sake soke x, sun tara 5 da 6, sun rubuta 11/2. In aka ce musu ba daidai ba ne, sai su ce ai an koya musu duk abin da ya yi kama sama da ƙasa a soke shi. Mako mai zuwa za mu shiga ninkawa da rabawa, kuma in ba a gyara wannan ba can ma haka za su yi. Ta ina zan ɓullo musu?

Mai darasin yamma, Dambatta:
Wa alaikumus salam. Malam abin mai sauƙi ne, ka ba su doka ɗaya su haddace: duk inda suka ga alamar tarawa ko ta ɗebewa, babu sokewa. Shi ke nan. Yaro ba ya son dogon bayani.

Malama, Birnin Kudu:
Malam na Dambatta, dokar nan taka za ta hana kuskure ɗaya ta haifar da wani. Dubi ita kanta tambayar. In aka warware na sama zuwa faktoci, x² + 5x + 6 zai zama (x + 2)(x + 3), domin 2 da 3 ne suke ba da 6 in an ninka su, su ba da 5 in an tara su. Na ƙasa kuma x(x + 2) ne. Abin da za a soke shi ne (x + 2), ga kuwa alamar tarawa zaune a cikinsa. Amsa ita ce (x + 3) / x. Yaron da ya haddace dokarka zai ga (x + 2) sama da ƙasa ya ji tsoron taɓa shi, ya bar aikin a rabi.

Mai darasin yamma, Dambatta:
Na ji Malama, amma ai wannan tana cikin baka. Ni wadda take waje nake nufi.

Tsohon malami, Ringim:
To yanzu ka kusa, Malam. Sai dai yaro ba zai riƙe bambancin ba in bai san dalilinsa ba, kuma dalilin ba dogo ba ne. Sokewa rabawa ce. Idan ka soke wani abu, ma'anarsa ka raba na sama gaba ɗayansa da wannan abin, ka kuma raba na ƙasa gaba ɗayansa da shi. To wanda ya soke x² a tambayar Malamin Taura, me ya raba da x²? Bai raba 5x ba, bai raba 6 ba, bai raba 2x ba. Ɗebe x² ya yi daga sama da ƙasa, ba raba shi ya yi ba, kuma ɗebe abu ɗaya daga sama da ƙasa yana canja darajar firakshan.

Malamin Taura, kada ka fara da haruffa. Rubuta waɗannan biyu a allo, gefe da gefe:

(3 × 4) / (3 × 11)

(3 + 4) / (3 + 11)

Ka ce su fara lissafa kowanne ba tare da sokewa ba. Na farko 12/33 ne, wanda shi ne 4/11, kuma in an soke 3 ma 4/11 ɗin za a samu. Na biyu 7/14 ne, wato rabi. In an soke 3 a nan sai a samu 4/11, wanda bai kai rabi ba. Ka bar su su gani da idonsu cewa 3 ɗin farko ninkawa ce ta haɗa shi da sauran, na biyu kuma tarawa ce. Abin da ninkawa ta haɗa da duk sauran shi ne fakto, shi ake sokewa. Abin da tarawa ko ɗebewa ta haɗa gaɓa ce kawai, ba ta fita ita kaɗai.

Baka kuwa ka ce musu kamar damin gero ne da aka ɗaure. Ana ɗauke dami sukutum a haɗa shi da ɗan'uwansa, amma ba a zare zangarniya ɗaya daga cikinsa. Shi ya sa a amsar da Malama ta kawo, (x + 3) / x, aiki ya ƙare. Wannan x na sama yana cikin ɗauri da 3, ba ya fita.

Sabon malami, Taura:
Na gode Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya. Na lambobin zan fara da shi. Amma a ɗakin jarrabawa babu wanda zai tsaya musu a kai. Akwai yadda yaro zai kama kansa da kansa?

Tsohon malami, Ringim:
Akwai. Ya zaɓi lamba ɗaya ya saka a madadin x a tambaya, ya saka ta a amsarsa, ya ga ko sun zo ɗaya. Mu ɗauki x = 3. Tambayar ta zama (9 + 15 + 6) / (9 + 6), wato 30/15, wato 2. Amsar gaskiya (3 + 3) / 3 ita ma 2 ce. Amsar wanda ya soke x² kuwa 21/6 ce, wato uku da rabi, ta ɗayan kuma biyar da rabi. Bai fi minti ɗaya ba, kuma yaro bai buƙatar kowa ya faɗa masa ya kuskure.

Ɗalibin kwalejin ilimi, Gumel:
Ranka ya daɗe, me ya sa ba za a ce su riƙa saka 1 ba? Ya fi saurin lissafi. Kuma in lambar ta dace ai an tabbatar amsa daidai ce ke nan ko?

Malama, Birnin Kudu:
A'a ƙanena, duka biyun akwai gyara. In ka saka 1, to x da x² da x³ duk sun zama abu ɗaya, don haka yaron da ya rubuta x a inda ya kamata ya rubuta x² zai wuce ba a kama shi ba. Sifili ya fi muni. Ɗauki (x + 6) / (x + 3), yaro ya soke x ya ce amsa 2. In ya gwada da x = 0 zai samu 6/3, wato 2, ya tafi yana murna. Da ya saka 3 da ya samu 9/6, ya gane akwai matsala. Hatta 2 ba na son ta, domin a x = 2, x² da 2x da x + 2 duk 4 ne. Ni 3 ko 5 nake ba da shawara, in dai ba za su mayar da na ƙasa sifili ba.

Game da tabbatarwa kuma, in lambar ba ta dace ba, to lalle akwai kuskure, babu tantama. In ta dace, alama ce mai kyau amma ba hujja ba ce. Ka san 16/64: in ka soke 6 da 6 za ka samu 1/4, kuma amsar daidai ce, alhali hanyar ba ta da tushe. Haka 19/95 yake ba da 1/5, haka 26/65 yake ba da 2/5. Dace ne kawai. Wanda yake da lokaci ya gwada lambobi biyu.

Uban ɗalibi, Gaya:
Salamu alaikum. Ni ba malami ba ne, amma ina bin zauren nan saboda yarona da zai zauna NECO. Ga abin da na gani a littafinsa, an ja masa jan biro kuma ba a rubuta dalili ba:

(x + 4) / (x² − 16) = x − 4

Ya nuna mini ya warware na ƙasa ya zama (x − 4)(x + 4), ya soke (x + 4) sama da ƙasa. Bisa abin da kuka faɗa a sama, baka ya soke sukutum, bai zare komai daga ciki ba. To ina laifin?

Tsohon malami, Ringim:
Wa alaikumus salam Alhaji. Warwarewarsa daidai ce, sokewarsa ma daidai ce. A matakin ƙarshe ya zame. Da ya raba (x + 4) da kansa, abin da ya rage a sama 1 ne, ba wayam ba. Shi kuma (x − 4) a ƙasa yake tun farko, a ƙasa zai ci gaba da zama. Amsa ita ce 1 / (x − 4). Ya gwada da x = 6: tambayar ta ba da 10/20, wato rabi. Amsar gaskiya 1/2 ce, tasa kuwa 2 ce, ka ga ta juye kai ƙasa. Wasu yaran ma 0 suke rubutawa a sama saboda suna ganin komai ya tafi. Maganinsa, duk abin da ya ja wa layi ya rubuta ɗan ƙaramin 1 a kusa da shi. Ka ce masa ya yi haka har hannunsa ya saba.

Uban ɗalibi, Gaya:
Madalla, Allah ya saka da alheri. Zan nuna masa da daddare.

Sabon malami, Taura:
To mu shiga ninkawar. Ga wadda nake son in fara da ita:

(x² + 4x) / (6x − 12) × (3x − 6) / (x² − 16)

In ce su fara ninka na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, sannan su sauƙaƙa?

Mai darasin yamma, Dambatta:
Wannan ai ninkawar gicciye ce. Na saman hagu ya ninka na ƙasan dama, na ƙasan hagu ya ninka na saman dama, sai a kwaso komai gefe ɗaya a nemo x.

Malama, Birnin Kudu:
Malam sake duba tambayar, babu alamar = a tsakani, alamar × ce. Ba x ake nema ba, sauƙaƙawa ake yi. Ninkawar gicciye tana aiki ne in an ce firakshan kaza daidai yake da firakshan kaza. In ka yi ta a nan, a/b × c/d zai ba ka ad da bc, kuma in ka ɗora su ad/bc, to amsar rabawa ka fitar ba ta ninkawa ba. Yara na yin wannan sosai, musamman in an koyar da darussan biyu a mako ɗaya.

Mai darasin yamma, Dambatta:
Haka ne, alamar ce ban lura da ita ba. Ku ci gaba.

Tsohon malami, Ringim:
Malamin Taura, kada su buɗe baka. In suka ninka tun farko, sama zai zama 3x³ + 6x² − 24x, ƙasa ya zama 6x³ − 12x² − 96x + 192. Ba kuskure ba ne, amma yanzu sai sun warware abin da suka ɗaure da hannunsu, kuma na ƙasan nan ba ƙaramin aiki ba ne ga ɗan aji biyu. A nan ne idonsu yake faɗawa kan x³ sama da ƙasa, su koma ga kuskuren da muka fara da shi.

Tsarin shi ne a warware guda huɗun kowanne shi kaɗai kafin a taɓa komai. x² + 4x ya zama x(x + 4). 6x − 12 ya zama 6(x − 2). 3x − 6 ya zama 3(x − 2). x² − 16 ya zama (x − 4)(x + 4). Sai a ja dogon layi ɗaya a ɗora duka:

x(x + 4) × 3(x − 2) / [6(x − 2) × (x − 4)(x + 4)]

Dogon layin nan yana da amfani. Da shi yaro yake ganin cewa duk na sama ninkawa ce ta haɗa su, duk na ƙasa ma haka, don haka kowane fakto na sama zai iya tafiya da ɗan'uwansa na ƙasa ko daga wane firakshan ya fito. (x + 4) ya tafi, (x − 2) ya tafi, 3 ya shiga 6 sau 2. Abin da ya rage:

x / [2(x − 4)]

Gwaji da x = 5: na farko 45/18, na biyu 9/9, in an ninka 5/2. Amsarmu 5 / (2 × 1), ita ma 5/2. Ka sa ido a layin ƙarshe, domin nan ma za ka samu mai soke x na sama da x na cikin (x − 4). In an bar amsar da baka a ƙasa ya fi aminci a kan a buɗe ta zuwa 2x − 8.

Ɗalibin kwalejin ilimi, Gumel:
Akwai wani da nake yawan gani a wajen fitar da lamba. Misali (6x + 9) / 3x, sai a raba 6x da 3x a samu 2, a bar 9 yadda yake, a rubuta 2 + 9. Shi wannan wane iri ne, tunda raba ya yi ba ɗebewa ba?

Tsohon malami, Ringim:
Ya raba, amma rabin na sama kawai ya raba. Layin firakshan yana ƙarƙashin 6x da 9 duka, don haka 3x yana raba su duka biyun. Hanyar da ba ta da haɗari ita ce ya fitar da 3 tukuna: 3(2x + 3) / 3x, sannan 3 ya tafi, ya rage (2x + 3) / x. Wanda yake so ya raba gaɓa-gaɓa zai iya, zai samu 2 + 3/x, abu ɗaya ne. Amma wannan rarrabawar tana yiwuwa ne in tarawar tana sama. In tana ƙasa, kamar 3x / (6x + 9), ba a tsaga ta biyu. Sai dai a fitar da 3 a samu x / (2x + 3).

Sabon malami, Taura:
Saura rabawa. Ina son guda ɗaya da za ta tattaro matsalolin, in yi ta a allo a hankali.

Tsohon malami, Ringim:
Ga ta:

(2x² − 18) / (x² + x − 2) ÷ (12 − 4x) / (x² − x)

Layin farko, kada a soke komai. A mayar da ÷ ya zama ×, a juya firakshan na biyu, na bayan alamar, shi kaɗai:

(2x² − 18) / (x² + x − 2) × (x² − x) / (12 − 4x)

Layi na biyu, warwarewa. A 2x² − 18 a fara fitar da 2, ya zama 2(x² − 9), sannan 2(x − 3)(x + 3). Yaran da ba su fitar da 2 ba suna tsayawa cak a nan, domin ba su ga sukwaya biyu da aka ɗebe ɗaya daga ɗaya ba. x² + x − 2 shi ne (x + 2)(x − 1), tunda 2 sau −1 ya ba da −2, kuma 2 a tara da −1 ya ba da 1. x² − x shi ne x(x − 1). 12 − 4x shi ne 4(3 − x).

Yanzu a sama muna da 2, (x − 3), (x + 3), x da (x − 1). A ƙasa muna da (x + 2), (x − 1), 4 da (3 − x). (x − 1) ya tafi, 2 ya shiga 4 sau 2. Sai inda ya kamata ka daɗe a kai: (x − 3) a sama, (3 − x) a ƙasa. Aji zai rabu biyu. Wasu za su ce iri ɗaya ne su soke su bar 1. Wasu za su ce ba iri ɗaya ba ne su bar su. Ka ce su saka 5: x − 3 ya ba da 2, 3 − x ya ba da −2. Su saka 10: 7 da −7. Kullum girmansu ɗaya, alamarsu ce ta saɓa, don haka in an raba su −1 ake samu. A rubuce, ka sa su mayar da 3 − x ya zama −(x − 3) a layinsa na kansa kafin su soke. Amsa:

−x(x + 3) / [2(x + 2)]

Gwaji da x = 5. Firakshan na farko 32/28, wato 8/7. Na biyu −8/20, wato −2/5. In an raba, 8/7 × (−5/2) ya ba da −20/7. Amsarmu −(5 × 8) / (2 × 7), wato −40/14, ita ma −20/7.

Gwajin nan har irin kuskuren yake nuna maka. In yaro ya samu 20/7, alamar ɗebewa ya yar a wajen (3 − x), ko kuma ya saka ta sama da ƙasa duka suka cinye juna. In ya samu −7/20, firakshan na farko ya juya maimakon na biyu. In kuma ya buɗe baka ya rubuta −x² + 3x a sama, to alamar ta tsaya a gaɓar farko ba ta kai ta biyu ba. Daidai shi ne −x² − 3x.

Malama, Birnin Kudu:
In ƙara a kan na Baba Malam, bayan an koyar da wannan −1 ɗin wasu sukan wuce gona da iri. Za ka ga (3 + x) / (x + 3) an ba shi −1, alhali 1 ne, domin tarawa ba ta damu da wanda ya zo farko ba. Za ka ga (x + 3) / (x − 3) ma an soke shi an bar −1, alhali ba ya sokuwa ko kaɗan: a x = 5, 8/2 ne. Ka jera ukun a allo rana ɗaya su bambance su. Haka kuma x² + 9 ba ya warwaruwa zuwa (x + 3)(x + 3) ko (x − 3)(x + 3). Na farkon in an buɗe shi x² + 6x + 9 ne, na biyun x² − 9 ne.

Ɗalibin kwalejin ilimi, Gumel:
Abin da na riƙe shi ne duk sokewar da aka yi kafin a juya kuskure ce.

Tsohon malami, Ringim:
Ba duka ba, ɗana. A tambayar nan tamu, kafin a juya, (x − 1) yana ƙasan na farko yana kuma ƙasan na biyu. Wanda ya soke su a haka amsarsa za ta fito daidai, domin bayan juyawa ɗaya zai koma sama. Kamar 6/7 ÷ 2/7 ne, ana iya cewa 6 ÷ 2 kai tsaye a samu 3. Wadda take kuskure ita ce ta gicciye. Dubi wannan:

x / (x + 1) ÷ (x + 1) / 4

Ido yana ganin (x + 1) ƙasa a hagu da (x + 1) sama a dama, hannu ya soke, a ƙare da 4x ko x/4. Amma bayan juyawa duka biyun a ƙasa suke, amsa 4x / (x + 1)². A x = 3, tambayar ita ce 3/4 ÷ 1, wato 3/4, kuma 12/16 shi ne 3/4. Mai 4x zai samu 12. Lura kuma, mai x/4 shi ma zai samu 3/4 a x = 3, dace ya rufa masa asiri, sai an saka 5 zai tonu: tambayar ta ba da 5/9, tasa ta ba da 5/4. Abin da Malama ta faɗa ke nan game da gwada lambobi biyu.

Malama, Birnin Kudu:
Gaskiya ne Baba Malam, amma ni ba zan gaya wa 'yan aji biyu cewa ta gefe da gefe tana halatta ba. In suka ji akwai sokewar da ake yi kafin juyawa, ba za su tuna wacce ba ce. Juya tukuna, wannan kaɗai zan ba su.

Tsohon malami, Ringim:
A matsayin tsarin aiki na yarda da ke. Amma in yaro ya yi ta gefe da gefe kuma amsarsa ta fito, kada a ja masa jan biro a ce hanyarsa ba daidai ba ce, domin daidai ce.

Sabon malami, Taura:
Tambaya ta ƙarshe. Lambobin da x ba zai iya zama ba, daga amsar ƙarshe ake ɗauko su? A misalin rabawar nan zan ce x ≠ −2 kawai ke nan.

Malama, Birnin Kudu:
A'a Malam, daga tambayar ake ɗauko su, kafin a soke komai. Ƙasan na farko (x + 2)(x − 1) ne, ya hana −2 da 1. Ƙasan na biyu x(x − 1) ne, ya hana 0 da 1. Sannan tunda rabawa ce, saman na biyu ma ba zai zama sifili ba, domin in ya zama sifili firakshan ɗin duka sifili ne kuma ba a raba abu da sifili. 12 − 4x yana zama sifili a x = 3. Don haka guda huɗu ne: −2, 0, 1 da 3. Amsar da aka sauƙaƙa ba ta nuna uku daga ciki. In ka saka 3 a cikinta za ta ba ka −9/5 lafiya lau, in ka saka 0 ta ba ka 0, alhali ita tambayar ba ta da ma'ana a wuraren nan. Wannan ma dalili ne na kada a ɗauki 3 a yi gwaji da ita a wannan tambayar.

Mai darasin yamma, Dambatta:
Ni a ganina wannan ƙarin kaya ne. In tambaya ta ce a sauƙaƙa, a sauƙaƙa a wuce. A WAEC da NECO in suna son lambobin da suka sa firakshan ba shi da ma'ana, tambayar daban suke yi a kansu. Yaron da har yanzu yake soke x² da x², ka ƙara masa jerin lambobi huɗu, sai ya rikice ya rasa duka.

Malama, Birnin Kudu:
Amma Malam ita sokewar kanta a kansu ta tsaya. Soke (x − 1) raba sama da ƙasa ne da (x − 1), kuma hakan ba ya yiwuwa in x = 1. Yaron da bai taɓa jin wannan ba, in ya zo warware lissafin da ake neman x a ciki, zai karɓi amsar da ta mayar da na ƙasa sifili bai sani ba.

Tsohon malami, Ringim:
Ni na fi karkata ga Malama, amma maganar Malamin Dambatta game da nauyi ba ta faɗi ba. Da ni ne, a darasin farko da na biyu zan tsaya kan warwarewa da sokewa da gwaji. A na uku sai in dawo kan tambayoyin da suka riga suka yi, in ce su koma layin da aka warware su fitar da lambobin. A lokacin faktocin suna gabansu a rubuce, aikin bai fi duba kowane baka na ƙasa ba, da saman wanda aka juya.

Mai darasin yamma, Dambatta:
Ko a na ukun ni ga masu ƙoƙarin aji kawai zan ba shi. Sauran su fara iya warware x² + x − 2 tukuna.

Sabon malami, Taura:
Zan bi tsarin darasi uku in ga yadda za su ɗauka. Ga wadda na shirya musu ta aikin gida, ku duba mini ko ta yi nauyi:

(x² − 25) / (2x + 6) ÷ (5 − x) / (x² + 3x)

Na samu −x(x + 5) / 2, kuma x ba zai zama −3, 0 ko 5 ba.

Malama, Birnin Kudu:
Daidai ne. A x = 4, na farko −9/14, na biyu 1/28, in an raba −18, kuma amsarka −(4 × 9) / 2 ita ma −18 ce. Ba ta yi nauyi ba, sai dai ka sa ɗaya ta ninkawa zalla a gabanta, wadda babu juyayyar alama a ciki. Kuma ka ce kowa ya rubuta gwajinsa a ƙarƙashin amsa, ka hana su 0 da 1 da 2, su kuma duba kada su ɗauki 5.